Suna ɗaya, gurbi biyu: Yadda masu suna guda a fasfo ke fama da fom ɗin biza da tikitin jirgi

A ranar 21 ga Nuwamban 2022 wata sabuwar ƙa'ida ta fara aiki a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Kamfanonin jiragen sama na Indiya, ciki har da Air India da IndiGo, sun sanar da masu sayar musu da tikiti cewa duk fasinjan da kalma ɗaya tak ce sunansa a fasfo ba za a bar shi ya shiga ƙasar da bizar ziyara ko ta yawon buɗe ido ba. Ko da an riga an buga masa bizar, jami'an shige da fice za su ɗauke shi a matsayin wanda ba shi da izinin shiga. Masu katin zama a ƙasar ne aka ware daga ƙa'idar.

'Yan kwanaki bayan haka aka sassauta. Ƙaramin ofishin jakadancin Indiya da ke Dubai ya bayyana cewa za a karɓi mai suna ɗaya idan sunan mahaifinsa ko na danginsa yana rubuce a wani shafi na fasfon. Amma kafin nan lamarin ya riga ya fito da wata tsohuwar matsala fili: akwai ɗimbin mutane a duniya da suna ɗaya kawai suke da shi a takardunsu, alhali kusan kowane fom na zamani gurbi biyu yake buɗewa, na sunan mutum da na sunan danginsa, kuma ba ya wucewa gaba sai an cike duka biyun.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya shafa. Abin da ya rubuta a gurbin da babu komai a fasfonsa zai iya bin sa shekaru, daga biza zuwa tikiti, daga katin banki zuwa lasisin tuƙi.

Su wane ne masu suna ɗaya?

Sunan dangi da ake gada daga kaka zuwa jika ba al'adar kowa ba ce. A tsibirin Java na Indonesiya an daɗe ana raɗa wa yaro suna ɗaya a bar shi a haka. Shugabannin ƙasar biyu na farko, Sukarno da Suharto, da suna ɗaya aka san su. Wasu jaridun Turai sun riƙa liƙa wa Sukarno sunan Ahmad a gaba domin ya zama biyu kamar yadda suka saba gani.

A ƙasar Bama, wadda ake kira Miyanma yanzu, babu sunan dangi sam. U Thant, wanda ya riƙe muƙamin Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1961 zuwa 1971, sunansa Thant ne kawai. Harafin U da ke gaba kalmar girmamawa ce, kusan kamar yadda Bahaushe ke cewa Malam. A Afganistan ma mutane da yawa, musamman a karkara, suna ɗaya suke amfani da shi. A kudancin Indiya kuwa, musamman jihar Tamil Nadu, an saba sa harafin farko na sunan uba a gaban sunan mutum, kuma iyalai da dama sun daina amfani da sunayen da ke nuna ajin da aka haifi mutum a cikinsa. Idan irin wannan mutum ya je yin fasfo, sau da yawa gurbin sunan dangi a wofi yake fitowa.

Ƙasashen da kowa ke da sunan dangi a yau ma, wasunsu doka ce ta tilasta musu. A 1934 Turkiyya ta kafa dokar da ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa ya zaɓi sunan dangi, kuma a shekarar ne majalisar ƙasar ta ba Mustafa Kemal sunan Atatürk.

Abin da fasfon kansa ke cewa

Wanda zai cike wa mai suna ɗaya fom, abu na farko da ya kamata ya duba shi ne layuka biyun nan da ke ƙasan shafin hoto na fasfo, masu cike da alamar <. Su ne na'urar filin jirgi ke karantawa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce ta tsara su a cikin kundinta mai lamba 9303, kuma kowane layi yana ɗauke da gurbin harafi 44.

A layin farko, gurbi biyu na farko na nuna nau'in takardar, uku na biye suna nuna ƙasar da ta bayar, sauran 39 kuma na suna ne. Abin lura shi ne tsarin ICAO bai dogara da sunan yanka da sunan dangi ba. Ya raba suna ne gida biyu: babban abin shaida da kuma na biyu, ya bar wa kowace ƙasa ta yanke wane ɓangaren suna ne babba. Alamar < guda biyu a jere ita ke raba su. Ga misalin yadda layin yake a fasfon Najeriya, da sunan da aka ƙirƙira don bayani:

```
P<NGABELLO<<MUSA<SANI<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

A nan Bello ne babban suna, Musa Sani kuma na biyu. Idan mutum suna ɗaya gare shi, tsarin ya ce a sa shi a matsayin babban suna, a cike sauran gurbin da alamar <:

```
P<IDNSURYANI<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Ke nan a idon na'ura, sunan nan ɗaya yana zaune ne a inda sunan dangi ke zama, ko da kuwa shi ne sunan da iyaye suka raɗa ranar suna. Daga nan ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi ta samo asali: mai suna ɗaya ya sa shi a gurbin sunan dangi. Mutane da yawa suna yin akasin haka, domin hankali ya fi karkata ga cewa sunan yanka gurbin sunan farko ya kamata ya shiga.

Fasfon Indiya yana da nasa salon. Idan babu sunan dangi, akan bar gurbinsa fayau a zuba komai a gurbin sunan mutum, sai layin ya fito da alamar rabuwa tun daga farko:

```
P<IND<<RAHUL<KUMAR<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<<
```

Mai wannan fasfo kalma biyu ce sunansa, amma a wurin fom mai gurbi biyu matsayinsa ɗaya da mai suna guda, domin gurbi ɗaya kawai aka cike masa.

Me ya sa fom ke dagewa?

Dalilin yana cikin yadda ake gina rumbun bayanai. Wanda ya tsara manhajar yakan sa sharaɗin cewa wasu gurabe ba za su zauna wofi ba, domin da su ake neman mutum. Yawancin hukumomi da sunan dangi da ranar haihuwa suke binciko fayil, da su kuma suke gwada bayanan wannan ofis da na wancan. Idan gurbin ya zama wofi, binciken ba ya kawo komai, ko kuma ya kawo ɗaruruwan mutane.

Matsalar ita ce kowace hukuma da tata dabarar toshe wannan gurbi. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka, a fom ɗin bizarta na DS-160, ta ce a rubuta sunan ɗaya a gurbin Surnames, a rubuta FNU a gurbin Given Names. Haruffan uku taƙaitawa ce ta First Name Unknown, wato ba a san sunan farko ba. Hukumar shige da fice ta Kanada, IRCC, ta ce a zuba dukkan sunan a gurbin sunan dangi, a bar ɗaya gurbin wofi, kuma ta yi gargaɗi kada a sa alamar tauraro ko NA. Ostireliya ma gurbin sunan dangi take so a cike. Kamfanonin jirage kuwa sun rabu: wasu na so a maimaita sunan sau biyu, wasu na so a sa FNU, wasu kuma kalmar girmamawa irin MR ko MS suke sawa a madadin sunan farko.

Kowace dabara tana aiki a cikin gidanta. Rikicin yana tasowa ne lokacin da takardar wannan gida ta je gaban jami'in wancan.

Tafiyar ɗaliba ɗaya, sunaye huɗu

A ɗauki misali. A ƙaddara wata ɗaliba 'yar Indonesiya ce, sunanta a fasfo Suryani kawai, ta samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a a Amurka.

Matakin farko shi ne fom ɗin neman shiga jami'ar. Shafin ya ƙi wucewa sai an cike gurabe biyu, sai ta rubuta Suryani a nan, Suryani a can. Daga ranar, rajistar jami'ar, katin ɗalibai da adireshin imel duk suna ɗauke da Suryani Suryani. Suna na ɗaya ke nan.

Mataki na biyu shi ne takardar I-20, wadda jami'a ke fitarwa daga rumbun SEVIS na gwamnatin Amurka, kuma sai da ita ake neman bizar karatu. Tun daga 2015 ƙa'idar SEVIS ta koma bin tsarin fasfo: sunan ɗaya yana shiga gurbin Surname/Primary Name, gurbin Given Name kuma a bar shi wofi, ba a sa FNU. Don haka takardar za ta fito da Suryani kaɗai. Suna na biyu ke nan. A nan ne ya kamata ɗalibar ta fara sa ido. Idan ma'aikacin jami'ar ya kwafo Suryani Suryani daga fom ɗin neman shiga ya zuba a I-20, to ta nemi a gyara tun kafin ta biya kuɗin SEVIS, wanda dala 350 ne ga masu bizar F-1 a shekarar 2024, domin rasidin da sunan da ke kan takardar zai fito.

Mataki na uku shi ne DS-160. Ta bi umarnin fom ɗin kamar haka:

```
Surnames: SURYANI
Given Names: FNU
```

Idan an ba ta biza, haka za a buga a kan takardar da ake mannawa a fasfo. Suna na uku ke nan, FNU Suryani. Bambancin da ke tsakanin I-20 da bizar a nan ba kuskure ba ne, hukumomi biyu ne kowace ke bin ƙa'idarta, kuma jami'an filin jirgi sun saba ganin haka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne juya guraben, a sa Suryani a Given Names, a sa FNU ko LNU a Surnames. Idan aka gano kafin ranar ganawa da jami'in biza, ana iya cike sabon fom. Idan sai bayan an buga bizar aka lura, sai an mayar da fasfon ofishin jakadanci, shi ya sa ake so mutum ya karanta bizarsa harafi bayan harafi a ranar da ya karɓa, ba a daren tafiya ba.

Mataki na huɗu shi ne tikiti. A ce ta saya ta hannun wani shafin dillalai da bai san komai game da fasfonta ba, wani ɗan'uwa kuma ya taya ta cikewa, ya sa Suryani a sunan farko, FNU a sunan dangi. Tikitin zai fito da FNU/SURYANI, domin a tsarin jirage sunan dangi ne ke zuwa kafin sandar. Suna na huɗu ke nan, kuma shi ne mai haɗari. A teburin tantance fasinjoji, na'ura za ta karanta fasfo ta ga babban suna Suryani, ta duba tikiti ta ga babban suna FNU. Alamar farko da ke nuna akwai matsala ita ce shafin kamfanin ya ƙi ba ta katin shiga jirgi ta intanet, ya ce ta je wurin ma'aikaci. Wani lokaci ma'aikacin yana iya gyarawa nan take. Wani lokaci kuma, musamman idan tafiyar ta haɗa kamfanoni biyu ko dillali ne ya fitar da tikitin, sai a ce sai wanda ya sayar ne zai iya taɓa sunan, jirgi kuma ba ya jira.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a tuntuɓi kamfanin jirgin kafin a biya kuɗi, a faɗa musu yadda sunan yake a fasfo da biza, a tambayi tsarin da suke karɓa. Idan jirage biyu ne na kamfanoni daban, a tambayi kowanne. Amsar da aka samu a rubuce, ta imel ko ta saƙo, ta fi ta baki amfani a ranar tafiya.

Bayan an sauka

Isa Amurka ba ya kawo ƙarshen lamarin. Hukumar kwastam da tsaron iyaka ta ƙasar, CBP, tana buɗe wa baƙo rajistar shiga mai suna I-94, wadda ake dubawa a intanet. Ita ce shaidar cewa mutum ya shigo bisa ƙa'ida, da kuma tsawon zaman da aka ba shi. Ya kamata Suryani ta nemo tata cikin kwanakin farko. Idan ta sa sunanta ba ta samu komai ba, ta gwada da FNU a sunan farko, sannan ta gwada a juye. Yadda rajistar ta fito shi ne yadda gwamnati ta rubuta ta. Idan a juye take, ko da harafin da ya ɓace, akwai ofisoshin CBP da ake kira Deferred Inspection Site da ke gyara kuskuren da aka yi a lokacin shiga.

Dalilin gaggawar shi ne sauran ofisoshi da wannan rajista suke gwada bayanansu. Ofishin da ke ba da lambar Social Security, wadda sai da ita ake biyan albashi da haraji yadda ya kamata, da ofishin lasisin tuƙi na jiha, duk sukan tura sunan baƙo zuwa wani tsarin tantancewa mai suna SAVE. Idan sunan ya dace, amsa kan dawo nan da nan. Idan bai dace ba, sai a tura fayil ɗin ga ma'aikaci ya duba da hannu, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni. Ɗalibar da aka ba ƙaramin aiki a jami'a za ta iya zama tana jiran lamba, ba don ta yi laifi ba, sai don gurbi ɗaya da ya bambanta.

Akwai kuma ɓangaren da ba na takarda ba. Da zarar FNU ya hau katin shaida, mutanen da ba su san ma'anarsa ba sukan ɗauka suna ne. A asibiti a kira shi, a banki a buga shi a kati, a wurin aiki a sa shi a ƙofar ofis. 'Yan Afganistan da yawa da suka yi wa sojojin Amurka tafinta, aka ba su bizar ƙaura ta musamman, sun tsinci kansu da wannan suna a katin zamansu na dindindin. Ga da yawansu, hanyar rabuwa da shi ita ce zuwa kotun jiha a nemi canjin suna, ko a jira lokacin neman zama ɗan ƙasa, wanda galibi sai bayan shekara biyar da samun katin, domin fom ɗin N-400 yana da wurin neman canza suna.

A maimaita, a sa ɗigo, ko a ari sunan uba?

Dabaru uku ne mutane suka fi yi idan fom ya tsare su, kuma kowace da iyakarta.

Sa ɗigo ko ɗan layi a gurbin yana aiki a wasu shafukan sayayya da na sada zumunta, inda babu wanda zai gwada sunan da fasfo. Tsarin tikitin jirgi kuwa haruffa yake karɓa, don haka ko ya ƙi alamar, ko ya share ta.

Maimaita suna ya fi sauƙin karɓuwa a wurin ɗan Adam, domin duk wanda ya ga Suryani Suryani ya ga fasfo zai gane abin da ya faru. Amma a fom ɗin da ya ba da umarni ƙarara, kamar na Amurka ko na Kanada, maimaitawa saɓa umarni ne, kuma yana haifar da sunan da babu shi a kowace takardar hukuma.

Aron sunan uba shi ne mafi jan hankali, kuma shi ne mafi haɗari idan ba ya cikin fasfo. Gaskiya ne sunan mahaifinta ne, amma jami'in da ke teburin ba tarihin gidansu yake dubawa ba, shafin hoto yake dubawa. Biza ko tikitin da ke ɗauke da kalmar da babu ita a fasfo, a wurinsa na wani mutum ne daban.

Don haka tsarin da ya fi aminci shi ne a fara karanta umarnin fom ɗin, wanda galibi yana ɓoye a ƙarƙashin alamar tambaya kusa da gurbin. Idan babu umarni, a tambayi hukumar. Idan babu wanda za a tambaya, a sa sunan a gurbin sunan dangi, a ɗaya gurbin kuma a bi abin da ke kan bizar ƙasar da za a je. Sannan a ajiye hoton kowane fom da aka cike, domin bayan shekara biyu ba kowa ke tuna yadda ya rubuta sunansa a wane ofis ba.

Gyara daga tushe

Maganin dindindin shi ne a sauya abin da fasfon ya ce, kuma ƙasashen da abin ya fi shafa sun buɗe hanyoyi.

A Indonesiya hanya mafi sauƙi ita ce ƙarin suna a shafin bayanai na fasfo, inda ofishin shige da fice ke buga sunan mutum haɗe da na mahaifinsa, wani lokaci har da na kakansa. Maniyyata aikin Hajji da Umara ne suka fi saninta, domin an shafe shekaru ana neman sunan maniyyaci ya kai kalma uku kafin a ba shi bizar Saudiyya, daga baya aka rage zuwa biyu. Iyakar wannan hanya ita ce shafin hoto da layukan na'ura ba sa canzawa, don haka tana amfani ne kawai a ƙasar da ta yarda ta duba wancan shafi.

Domin 'yan baya, ma'aikatar cikin gida ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida mai lamba 73 ta shekarar 2022, wadda ta ce sunan da za a rubuta a takardun ɗan ƙasa ya kasance aƙalla kalma biyu, kuma kada ya wuce harafi 60 har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Takardun da aka riga aka bayar kafin ƙa'idar suna nan da ƙarfinsu.

A Indiya kuwa mai kalma biyu a gurbi ɗaya yakan nemi a sake masa fasfo a raba sunan, Rahul a gurbin sunan mutum, Kumar a na dangi. Wanda kalma ɗaya ce tak gare shi sai ya bi hanyar canjin suna kafin ya ƙara wani.

Sai dai gyaran ma yana da nasa wahalar. Takardun makaranta, tsohuwar biza da asusun banki duk suna nan da tsohon suna, kuma mutum zai riƙa yawo da takardar da ke haɗa tsohon da sabon. Fom ɗin DS-160 yana tambaya ko mutum ya taɓa amfani da wani suna, kuma dole a bayyana. Lokacin yin gyaran ma yana da muhimmanci. Wanda zai canza ya canza kafin ya fara neman makaranta ko biza. Canzawa a tsakiyar hanya, bayan I-20 ta fito da tsohon suna, yana nufin sake takardun daga farko.

Inda abin ya taɓa ƙasar Hausa

Bahaushe ba ya cikin masu suna ɗaya a fasfo, domin fom ɗin lambar NIN da na fasfon Najeriya duk suna neman sunan farko da na dangi. Amma tushen matsalar ba baƙo ba ne a nan. A al'ada, Bahaushe sunan yanka gare shi, sai a bambanta shi da sunan uba, ko laƙabi, ko sana'a, ko gari. Shi ya sa manyan 'yan siyasa irin su Aminu Kano, Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Balewa suka shahara da sunayen garuruwansu. A Nijar, inda fom ke neman Nom da Prénom, ana ganin sunan shugaban ƙasa na farko a rubuce Hamani Diori a wani wuri, Diori Hamani a wani.

Sakamakon haka shi ne mutum ɗaya ya zama Musa Sani a takardar firamare, Musa Sani Bello a BVN, Bello Musa a NIN, kowane ya danganta da wanda ya riƙe biro ko ya zauna gaban kwamfuta a ranar. Banki ko ofishin fasfo ba ya tambayar wanne ne gaskiya a cikinsu, domin duka gaskiya ne. Abin da yake dubawa shi ne ko sun dace da juna, gurbi da gurbi.

Akwai kuma masu hulɗa kai tsaye da masu suna ɗaya: ejan-ejan na tafiye-tafiye a Kano da Abuja, masu kafe da ke cike wa mutane fom, da kamfanonin da ke gayyato injiniya ko likita daga Indiya ko Indonesiya. Idan aka turo musu hoton fasfo suka ga gurbi ɗaya fayau, ba lallai ne hoton ne ya yanke ba. Kafin su rubuta wasiƙar gayyata ko su yanki tikiti, su duba layin farko na ƙasan shafin, su ga ta wane gefen alamar << sunan ya faɗo, sannan su tambayi kamfanin jirgin da ofishin bizar yadda kowannensu ke so a cike ɗaya gurbin.